Sikolashif, Bosari, Girant ko Rance: Wanne Ɗalibi Zai Nema, Kuma Yaya Ake Biyan Bashin NELFUND?

Ranar wata Asabar bayan la'asar yayata ta zo gidana a Gwammaja tare da ɗanta, wanda zai shiga aji biyu a jami'a. Tun kafin ta gama zama a kan tabarma ta ce, "Ka ji abin da yaron nan yake so ya yi? Wai gwamnati tana raba kuɗin karatu, zai cike." Shi kuma ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duk 'yan ajinmu sun cike. Ana biya wa mutum rajista, kuma duk wata a turo masa dubu ashirin." Na tambaye shi ko ya san bashi ne. Ya ce ya sani, amma ai na gwamnati ne. Wannan "ai na gwamnati ne" ita ta sa muka kai magariba muna lissafi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa.

Tushen ruɗanin daga bakinmu yake. A Kano duk kuɗin da ya shigo hannun ɗalibi da sunan karatu "sikolashif" muke ce masa, ko mu ce tallafin karatu. Alhali abubuwa huɗu ne mabambanta, kuma abin da ya raba su shi ne dalilin da ya sa aka ba ka da abin da ake jira daga gare ka bayan ka karɓa.

Sikolashif na ainihi ladan ƙwazo ne. An duba sakamakonka, ko an yi maka jarrabawa ka wuce wasu, sai aka ɗauki nauyinka. Hukumar tallafin karatu ta tarayya tana bayarwa, PTDF tana bayarwa ga masu karatun da ya shafi mai da iskar gas, kamfanoni irin su MTN suna da nasu ta gidauniyarsu. Irinsa ne kuma wanda gwamnatin Kano ta yi a 2023, da ta ware gurabe 1,001 na digiri na biyu a ƙasashen waje, aka tura ɗalibai Indiya da Uganda, kuma sharaɗin farko shi ne mutum ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Ba a mayar da kuɗin sikolashif, amma yana da igiya. Masu bayarwa da yawa suna sa iyakar maki, sau da yawa CGPA 3.5 ko 4.0 a kan 5, kuma duk shekara sai ka kai sakamako kafin a sabunta. Yaron da ya samu a aji biyu, ya yi sakaci a aji uku makinsa ya sauko, sai a yanke, a bar shi da rajistar da bai tanada ba. Akwai kuma wanda ke zuwa da yarjejeniyar aiki. Malamin jami'a ko kwaleji da TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta ɗauki nauyin ƙaro karatunsa yana sa hannu cewa zai dawo ya koyar a makarantarsa na wasu shekaru, in ya ƙi dawowa kuɗin ya zama bashi a wuyansa da wuyan waɗanda suka tsaya masa. Don haka duk takardar sikolashif da aka ba ka, ka nemi wurin da aka rubuta abin da zai faru idan maki ya faɗi ko ka bar karatun, ka karanta shi kafin ka karanta adadin kuɗin.

Bosari shi ne abin da yawancinmu muka karɓa muna ɗalibai muka kira shi sikolashif: ɗan alawus da jiha, wani lokaci ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, ke ba 'ya'yanta da ke manyan makarantu. Ba ya neman ka zama na ɗaya a aji. Abin da yake nema ka tabbatar kai ɗan jihar ne kuma ɗalibi ne na gaske: takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarka, takardar samun gurbi, rasit ɗin rajista, sannan a tantance ka a Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano ko a wurin da ta aiko jami'anta. Kyauta ne tsantsa, ba sharaɗin maki mai tsanani, ba yarjejeniya. Rauninsa biyu ne. Kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da rajistar yau, kuma lokacin fitarsa yana bin kasafin gwamnati, ba ya bin ranar rufe shafin rajista. Wanda ya dogara da bosari don biyan kuɗin makaranta ya jingina da bangon da ba shi ya gina ba. A cike shi duk shekara, in ya zo a sayi littafi da shi, amma kada a sa shi cikin lissafin abin da dole a biya a rana kaza.

Girant ba zan daɗe a kansa ba, don ɗan digirin farko ba kasafai yake cin karo da shi ba a nan. Kuɗi ne da ake bayarwa don wani aiki takamaimai, yawanci bincike, kamar wanda TETFund ke ba malamai. Ba a mayarwa, amma sai ka kawo rasit da rahoto cewa a kan abin da aka ba ka ka kashe. Wanda ya karɓi kuɗin gwajin ƙasar noma a Kadawa ya sayi babur da shi, za a iya ce masa ya dawo da su. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, kalmar tana nufin tallafin da ake ba ɗalibi saboda ƙarancin abin hannun iyayensa, don haka mai neman karatu a waje ya lura da yadda kowace makaranta take amfani da ita.

Saura rance, wanda shi ne ya kawo yayata gidana.

Ba yau aka fara ba ɗalibai rance a Najeriya ba. An kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972 zamanin Gowon, ta durƙushe saboda da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su biya ba, aka sake gwada Bankin Ilimi a 1993, shi ma bai yi nisa ba. Na yanzu ya fara ne da dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗa masu wuya: sai abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe yana aiki. Ɗan mai sayar da kayan miya a Kasuwar Rimi ina zai samo su? Aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilun 2024 wadda ta cire sharuɗɗan biyu, aka buɗe shafin NELFUND, wato asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, a ranar 24 ga Mayun 2024. Har yau ina jin iyaye suna cewa ba su da wanda zai tsaya wa ɗansu. Labarin tsohuwar doka ne ya maƙale musu.

Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha: Jami'ar Bayero, Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da makamantansu. Ɗan jami'ar kuɗi ba ya ciki. Kuma abin da na fi so kowane ɗalibi ya gane shi ne rancen gida biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya bi ta hannunka ko kaɗan, asusun makarantarku ake tura shi. Akwai kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusunka. Kana iya neman na farko ka bar na biyu. Ana nema ne shekarar karatu bayan shekarar karatu, ba sau ɗaya har gamawa ba, don haka abin da ka zaɓa bana bai ɗaure ka baɗi ba.

Tambayar farko da yayata ta yi ita ce wadda duk uwa a garin nan za ta yi: "Da ruwa a ciki?" Babu. Abin da aka biya maka shi za ka mayar, ko sisin kwabo ba a ƙarawa, komai tsawon shekarun. Nan ya sha bamban da rancen ɗalibai na Ingila ko Amurka, inda ruwa ke hawa kan bashin. Ya kuma sha bamban da rancen banki na kasuwanci. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma sama da haka suke ba mutane. Idan mahaifi ya ci bashin naira 360,000 a kan kashi 30, ruwan shekara ɗaya kawai naira 108,000 ne, kusan rajistar shekara guda, ban da matsalar riba da addini ya hana. Manhajojin bashi na waya sun fi wannan muni, ga kiran 'yan uwa da tozarci in aka makara. Idan zaɓin yana tsakanin waɗannan da NELFUND ne, babu abin tsayawa tunani.

To yaya ake biya? Ba a taɓa ka kana makaranta, ba a taɓa alawus ɗinka na bautar ƙasa. Sai shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa biya yake farawa. In kana aikin albashi, wanda ya ɗauke ka aiki shi zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka yana turawa asusun, kamar yadda ake cire haraji da fansho. In sana'ar kanka kake yi, kai za ka riƙa tura kashi 10 na ribarka ta wata. In shekara biyun sun cika ba ka da aiki ba ka da abin shiga, dokar ta ba ka damar neman a ɗaga maka ƙafa, ta hanyar takardar rantsuwa cewa ba ka samun komai. Wanda ya yi ƙarya a wannan ya aikata laifin da hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara uku. Wato rashin aiki ba laifi ba ne a dokar, ɓoye aikin ne laifi. Dokar ta kuma ba asusun damar yafe bashin wanda ya rasu ko wanda wata larura ta hana shi iya biya, kuma duk mai hali yana iya biyan duka ko wani kaso tun kafin lokaci ya yi.

Ga lissafin da muka yi a bayan takardar. Muka ƙaddara rajistarsa naira 120,000 ce a shekara, ba don ita ce ainihin ta kowa ba, don kuɗin ya danganta da makaranta da kwas, sai don lissafi ya yi sauƙi. Shekara uku suka rage masa, kuɗin makaranta ya kama naira 360,000. Muka ƙaddara kuma za a ba shi kuɗin kashewa na wata goma a kowace shekarar karatu, naira 200,000 ke nan, sau uku naira 600,000. In ya haɗa biyun zai fita da bashin naira 960,000. Da ya ga adadin sai ya yi shiru. Ɗan dubu ashirin ɗin da ke shigowa ta waya, a kashe a data da abinci da adaidaita sahu, shi ne kusan kashi biyu cikin uku na bashin.

Idan ya gama a 2028, ya yi bautar ƙasa zuwa 2029, biya zai fara a 2031. Mu ce ya samu aikin naira 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000. Bashin rajista kaɗai zai ƙare cikin wata 36, shekara uku, a 2034. Bashin da ya haɗa da kuɗin kashewa zai ɗauki wata 96, shekara takwas, sai 2039. In kuwa albashinsa mafi ƙanƙanta ne na ma'aikacin Kano, naira 71,000, abin cirewa 7,100 ne: na farko zai ci wata 51, na biyu wata 136, sama da shekara goma sha ɗaya. In Allah ya buɗa masa ya samu 250,000, ko da ya haɗa biyun wata 39 ya ishe shi. Abin lura shi ne yawan bashin ba ya ƙara abin da ake cirewa a wata. Wanda ake bi 360,000 da wanda ake bi 960,000, in albashinsu ɗaya, cirewarsu ɗaya. Abin da yawan bashin ke ƙarawa shekaru ne, kuma shekarun nan su ne na neman aure, kama haya da haihuwar fari.

Sai yaron ya kawo hujjar da ba zan ce ba ta da ƙarfi ba. Ya ce, "Kawu, dubu ashirin ta yau ai ba ita ce dubu ashirin ta 2035 ba." Gaskiyarsa. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, kuma bashin da ba shi da ruwa yana sauƙaƙa ne duk lokacin da naira ta rage daraja, matuƙar albashi ya biyo farashi. Ta fuskar lissafi tsantsa, mai karɓa ne ke da riba. Amma na ce masa biyu. Albashi a ƙasar nan a baya yake tafiya, farashi na gaba. Sannan bashi a wurinmu ba lissafi kaɗai ba ne. Mun taso muna ganin ana tambaya a wurin jana'iza ko akwai mai bin mamaci, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi. Kuɗin asusun nan daga harajin jama'a yake fitowa, abin da ka mayar shi za a ba ƙanenka. Wanda ya karɓa da niyyar "ai na gwamnati ne" yana maimaita abin da ya kashe hukumar 1972.

Ra'ayina a fili yake: kuɗin makaranta, in gida ba zai iya ba, a karɓa ba tare da jinkiri ba, don jingine shekara ko barin karatu ya fi wannan bashin tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin kashewa kuwa sai an duba hali. Ɗan yayata a gida yake kwana, tuwon gida yake ci, abin da yake buƙata kuɗin mota ne zuwa Sabuwar Jami'a a titin Gwarzo, kuma yana gyaran waya a shagon wani abokin babansa ranar Asabar da Lahadi. Shi ba ya buƙata. Amma yarinyar da ta taho daga Doguwa ko Sumaila, tana haya a Danbare ko Rijiyar Zaki, mahaifinta sai kaka yake ganin kuɗi, ita dubu ashirin ɗin nan ce tsakaninta da shiga aji da yunwa. Ita ta karɓa, kuma kada kowa ya sa ta jin kunya.

Mai shirin shiga kasuwa bayan digiri, a Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar waya, yana da wani aiki a gabansa wanda ɗan albashi ba shi da shi. Kashi 10 na riba ake nema, ba na ciniki ba. Wanda ya sayar da kayan naira 900,000 a wata, ya saro su a 780,000, ya biya haya da dako da yaron shago 40,000, ribarsa 80,000 ce, abin biyansa 8,000. In ba ya rubutu, ba shi da abin da zai nuna ranar da aka tambaye shi, ga shi duk cinikin ta asusunsa yake wucewa. Kuma kada wani ya ɗauka zai ɓace: da NIN da BVN aka ba da rancen, cikin sharuɗɗan da ɗalibi ke amincewa da su a shafin har da izinin GSI, wanda ke ba mai bin bashi damar cirewa daga kowane asusun banki da ke ɗauke da BVN ɗinka idan ka ƙi biya. Yawancin yara suna danna amincewa ba su karanta ba.

Wajen cikewa, abin da ya fi kayar da yaranmu suna ne. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN, lambar rajistar makaranta da takardar samun gurbi, kuma sai bayanan sun dace da juna. Yaro ɗaya sai ka tarar Muhammad ne a JAMB, Mohammed a banki, a NIN kuma an sa sunan unguwa a matsayin sunan ƙarshe, ranar haihuwa ma ta bambanta. A gyara wannan tun kafin a buɗe shafi. In shafin ya ce bai ga bayananka ba, sau da yawa makarantarku ce ba ta riga ta ɗora sunanka ba, sai ka je ofishin da ke kula da harkar a makaranta, ba wurin mai kafe ba. In ma a kafe za ka cike, lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, ba na mai shagon ba, don bashin da zai bi ka shekara goma bai kamata makullinsa ya zauna a hannun wani ba. Neman rancen kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai sa a amince maka da wuri, ɗan damfara ne.

Akwai kuma matsalar biya sau biyu. Ɗiyar wani maƙwabcina ta nemi rancen, amincewa ta yi jinkiri, ranar rufe rajista ta matso, mahaifinta ya sayar da tunkiya biyu ya biya. Bayan makonni kuɗin rancen ya shiga asusun makarantar. Yanzu an biya sau biyu, bashi ya hau kanta, kuɗin kuma yana hannun makaranta. Haƙƙinta ne a mayar mata, an kuma mayar, amma sai da ta yi watanni tana kai takarda. Abin da ya cece ta shi ne ta ajiye rasit ɗin biyan farko da hoton shafinta da ke nuna an tura kuɗin. Haka kuma wanda aka biya masa rajista da rance, daga baya wani ɗan siyasa ko gwamnatin jiha ta biya wa 'yan yankinsu, ya bi sawun kuɗin, in ya karɓo ya rage bashin da su. Kuma a sani, wanda ya bar karatu a aji uku ko aka kore shi, abin da aka riga aka biya masa yana nan a kansa.

Da aka kira magariba mun tsaya a kan haka: zai nemi kuɗin makaranta kawai a bana, zai cike bosarin jiha in an buɗe, kuma tunda makinsa na aji ɗaya ya haura 4.0, zai nemi sikolashif na tarayya da na kamfanoni, waɗanda yawancinsu daga aji biyu suke fara ɗauka. In ɗaya ya faɗo, baɗi ba sai ya sake neman rance ba, bashinsa ya tsaya a 120,000, wanda shekara ɗaya ta aikin dubu ɗari za ta share. Yayata ta ninke takardar lissafin ta sa a jakarta, ta ce masa, "Ranar Litinin ka fara zuwa banki a gyara sunan nan."